Ɗan Sautu: Mai Yi wa Jama'a Cefane Tsakanin Turawa da Kano

Duk wanda ya buɗe kanti a Turawa, ko yake da teburin shayi, ko take dafa abincin sayarwa, ya san cewa kayan sana'arsa kashi biyu ne. Akwai na gida: masara da dawa da wake daga gonakin Karaye da Rogo, da kifin da masunta ke fitarwa daga madatsar ruwan Challawa, wadda aka kammala a 1992. Akwai kuma na kamfani: taliya, makaroni, sukari, fulawa, magi, madara, man girki, tumatirin leda. Waɗannan ana samunsu a Karaye, amma mai son farashin sari sai ya dangana da Kano, musamman kasuwar Singa, inda manyan dilolin kayan masarufi suke. Tafiyar kuwa ta cin wuni ce. Mai ƙaramin jari in ya ce zai je da kansa, kuɗin mota ya cinye ribar, ga kanti a rufe tun safe har dare. Matar da ke cikin gida kuma ba ma zancen zuwanta ake yi ba.

A wannan giɓin ɗan sautu yake cin abinci. Wani direba ne da ya haɗa sautu da jigilar fasinja, wani yaron mota ne, wani kuma ba shi da mota ko babur, sautun kaɗai ne sana'arsa. Yakan zaga da daddare ko da asuba ya karɓi takardu da kuɗi daga mutum goma ko fiye, ya shiga Kano, ya sayo, ya yi lodi, ya dawo ya raba wa kowa nasa. Ladansa yakan zama wani abu a kan kowane katan ko buhu ko jarka, ko kuma a yi jinga a kan tafiyar gaba ɗaya, ban da kuɗin mota da na dako.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka wahalar aikin ita ce ɗaukar kaya da zaman mota. Masu yi sun san ba nan take ba. Sayen abin da yake akwai, a farashin da aka sani, kowane yaro zai iya. Gwanintar tana bayyana ne ranar da aka je ba a sami abin da aka rubuta ba, ko aka dawo gida kaya bai cika ba. A nan ake gane wanda zai daɗe a sana'ar da wanda za a daina bai wa ko kuɗin gishiri.

Wakili ne ko ɗan kasuwa?

Kafin a yi maganar abin da ya ɓace, sai an san a wane matsayi mutumin ya tafi, domin yawancin rigingimu daga nan suke tasowa. In ya karɓi kuɗinka don ya sayo maka, yana jiran ladansa, to wakilinka ne. Abin da ya biya a kasuwa shi zai faɗa maka. In dila ya yi masa ragi saboda ya haɗa kayan mutane da yawa, ragin na masu kuɗi ne. In an yi gyara a kan awo, gyaran na mai kaya ne. Malamai kan kafa hujja da labarin sahabi Urwatul Bariƙi, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba dinari ɗaya ya sayo akuya. Ya sayi biyu da dinarin, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari gaba ɗaya ya miƙa. Bai riƙe rarar a matsayin ladan wayonsa ba.

In kuwa ya ce maka tun farko, katan kaza zan kawo maka har ƙofar kanti a kan kaza, to ciniki kuka yi, shi ɗan kasuwa ne. Ba ruwanka da nawa ya sayo, shi ma ba shi da bakin cewa kaya ya tashi ko ya faɗi a hanya. Duka hanyoyin biyu halal ne kuma ana yin su. Abin da ke ɓata sana'ar shi ne mai son cin tudu biyu: ya karɓi lada a matsayin wakili, sannan ya ɗora ɗari biyar a kan kowane katan a ɓoye. Irin wannan ba ya daɗewa, don waya ta sa farashin Singa ba sirri ba ne, kuma maƙwabcin kantinka ma yana da nasa ɗan sautun.

Takarda

Sautu mai kyau daga takarda yake farawa. Wanda ya rubuta "taliya biyu" kawai ya bar ƙofa a buɗe: katan biyu ko leda biyu, siririya ko mai kauri, ta wane kamfani? Gogaggen ɗan sautu ba ya karɓar irin wannan takarda sai ya zauna da mai ita sun cike ta. A kowane layi yana son abu huɗu: sunan kaya da kamfaninsa, yawansa da ma'auninsa, farashin da aka saya a zuwan baya, da abin da za a yi in babu.

Na huɗun shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ya fi hana rigima. Amsarsa ɗaya ce cikin uku: in babu ka kawo na kamfani kaza, ko in babu ka kira ni, ko in babu ka dawo mini da kuɗina. Mai shayi zai iya haƙura da kowane sukari, amma ba zai yarda a sauya masa madara ko ganyen shayi ba, don bakin masu zama a teburinsa ya saba. Mai dafa taliya ta san wadda take caɓewa in ta jima a kula da wadda take tsayawa warara har azahar. Ɗan sautu ba zai san wannan ba sai an gaya masa.

Ga wadda ba ta rubutu, saƙon murya a WhatsApp ya zama takarda, kuma ya fi faɗa da baki a ƙofar gida, domin ana iya sake saurarensa in gardama ta tashi. Haka ma kuɗi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mutane da yawa suka koma tura kuɗi ta waya ko ta wurin mai POS, kuma wannan ya rage wata tsohuwar rigima, ta nawa aka bayar. Wanda ya ba da tsaba, a ƙirga a gabansa, a rubuta adadin a saman takardar.

In aka je babu

Ƙa'idar musanya a fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Kano suke bi, mai sauƙin fahimta ce. Wakilin da ya sayo abin da ba shi aka ce ba, zaɓi yana hannun mai kuɗi. In ya ga dama ya karɓa, in ya ƙi kaya ya zama na wakili, shi kuma ya biya kuɗin. Kyakkyawar niyya ba ta sauya hukuncin. Ko da abin da ya kawo ya fi wanda aka ce tsada da kyau, ba a tilasta wa mai kuɗi karɓa.

Farashi kuma yana da nasa sassaucin. Littafin Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya yi rangwame ga ɗan ƙarin da aka saba gani a kasuwa, ya ba da misalin dinari biyu a cikin arba'in, wato kashi biyar cikin ɗari. Ƙari irin wannan yana hawa kan mai kuɗi. Wanda ya zarce haka sosai kuwa sai da izininsa. Wannan ma'auni ya yi amfani ƙwarai bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, lokacin da farashin mako ɗaya ba ya kai wa na gaba. Ɗan sautun da ya tsaya kiran waya a kan kowace ɗari biyu ba zai gama sayayya ba kafin motar ƙarshe ta tashi. Wanda kuma ya ƙara dubu goma a kan buhu ba tare da ya tambaya ba, ya sayo wa kansa.

Akwai musanyar da ba ta cika bayyana ba, kuma ita ta fi cuta. Suna ɗaya, kamfani ɗaya, amma girman ya bambanta: gwangwanin madara ƙarami a madadin babba, ko ledar da kamfani ya rage wa nauyi ya bar farashin yadda yake. Ko kuma kaya shi ne, amma kwanan lalacewarsa ya kusa, shi ya sa dila ya karya farashi. Mai kanti a ƙauye da zai yi wata biyu bai sayar da katan ɗaya ba, ragin nan asara ce gare shi. Don haka duba kwanan wata a jikin katan aikin ɗan sautu ne tun yana gaban shago, ba aikin mai kaya ba bayan an iso Turawa.

Inda kaya ke ɓacewa

Kaya ba ya ɓacewa a iska. Tsakanin kuɗin da aka miƙa da kayan da aka sauke, wurare uku ne kawai, kuma kowanne da wanda zai ɗauki nauyi.

Na farko, ba a saya ba sam. An manta, ko kuɗi bai kai ba, ko babu a kasuwa. Alamarsa ita ce ba ya cikin rasit. Wannan ba asara ba ce, kuɗin yana aljihun ɗan sautu, sai ya fito da shi.

Na biyu, an biya amma ba a fitar daga shago ba. Yana cikin rasit, amma yaron shago bai ɗora wa ɗan dako ba, ko ya ɗora a kurar wani. A Singa, inda shago yake nan sito yake can, wannan abu ne na yau da kullum. Wanda ya ƙirga kaya a ƙofar shago, ya sake ƙirgawa a gindin mota, shi zai iya cewa ga inda aka samu giɓi. Dila na gaskiya in aka kira shi a ranar, kafin ya rufe lissafi, yakan duba ya ga katan ɗaya ya yi masa rara, ya ce a karɓa a zuwa na gaba. In aka bari sai bayan mako, ko yana son gaskiya ba shi da yadda zai tabbatar.

Na uku, ya fita daga shago ya salwanta a hanya: an sauke wa wani fasinja a Gwarzo ko Kiru bisa kuskure, ko igiya ta saki, ko hannu ya shiga. A nan malaman Malikiyya suka yi wani bambanci da ya dace da wannan sana'a. A asali, wanda aka ba amana ko aka ɗauka dako ba ya biyan abin da ya salwanta in ba sakaci ya yi ba, kuma ana gaskata shi. Amma sun ware mai dakon kayan abinci da aka biya lada: shi yana biya, sai in ya kawo shaidar cewa ba da laifinsa ba ne, ko kuma mai kayan yana tare da shi a tafiyar. Dalilinsu shi ne abinci hannu yana saurin kai masa. Saboda haka "wallahi ban san yadda aka yi ba" ba ta isa ta wanke ɗan sautun da ya karɓi kuɗin dako. Haɗarin mota da kowa ya gani, ko fashi da aka yi a gaban fasinjoji, wannan daban ne.

Shi ya sa za ka ga ƙwararre a tasha da alƙalamin maka a hannu, yana rubuta sunan mai kaya da garinsu a gefe biyu na kowane katan, yana haɗa ƙananan kaya na mutum ɗaya a buhu ɗaya ya ɗinke bakin. Jarkar mai a tsaye take tafiya, an ɗaure murfin da leda. Sukari da fulawa ba sa kusantar sabulu ko omo ko kalanzir, domin suna ɗaukar wari, kuma buhun da ya ɗauki wari ya cika a awo amma ya tashi daga kayan sayarwa.

Ɗanyen kaya yana da nasa hukuncin. Kwandon tumatir ko buhun tattasai daga 'Yankaba dole ya zauna a hanya, na ƙasa ya ɗan matse. Wannan raguwa ce da kowa ya sani, ba a biyan ta. Amma in an tarar an yi wa kwandon fuska, sama jawur ƙasa ruɓaɓɓe, to aibi ne da ya kamata mai saye ya gano da ya tura hannu ciki, kuma magana ce da za a yi da shi.

Lissafin sautu ɗaya

Mu ƙaddara wata mai abinci a Turawa, wadda ke dafa wa masunta da masu sayen kifi, ta ba da naira 150,000. Farashin nan na misali ne, don a ga yadda lissafin ke tafiya. Ta rubuta katan 2 na taliyar da ta saba a 18,000 kowanne, wato 36,000. Jarkar man gyaɗa mai lita 25 a 70,000. Sukari na 10,000. Magi leda 10 a 1,500, wato 15,000. Katan ɗaya na tumatirin leda, 9,000. Mota da dako da lada, 6,000. Jimla 146,000, saura 4,000 na ko-ta-kwana.

Bayan magariba ɗan sautun ya iso, aka shigar da kaya zaure, ya miƙa mata rasit da canjin 4,000 daidai. In ta tsaya a kan jimla, sai ta yi godiya ta sallame shi, tunda 146,000 ta lissafa kuma 146,000 aka kashe. Amma jimla tana iya yin daidai alhali ciki ya hargitse. Sai ta sa ɗanta ya riƙe fitila, ta ɗauki takardarta a hannu ɗaya, rasit a ɗaya, tana bi layi-layi, tana taɓa kowane kaya.

Mai ya zo, murfin da hatiminsa, amma a 73,000. Ƙarin 3,000 a kan 70,000 bai kai kashi biyar cikin ɗari ba, wanda zai zama 3,500, don haka nata ne ta ɗauka. Sukari ya cika. Taliya katan biyu ne, amma ta wani kamfani, a 16,500 kowanne. Rarar 3,000 da aka samu a nan ita ta rufe ƙarin man, shi ya sa jimla ba ta motsa ba. Magi ta ƙirga sau biyu, tara ne, rasit kuwa ya ce goma. Tumatir yana cikin rasit, babu shi a zaure.

"Ɗan nan, wannan ai ba taliyata ba ce."

"Inna, taki ta yanke a kasuwa. Na kira ki sau uku ba ta shiga, na ga gara na kawo wannan da ki wayi gari ba abin ɗorawa."

"Ka kyauta. Zan ɗauki ɗaya saboda girkin gobe. Ɗayan kada a buɗe, ka san yadda za ka yi da shi."

Ta yi daidai da ta hana buɗewa. Yanke salatif ɗin katan da fara amfani da shi alama ce ta yarda, kuma katan ɗin da aka taɓa ba ya komawa wurin dila, ba kuma ya sayuwa a farashin cikakke. Wanda ta karɓa ta buɗe a gabansa ta ƙirga leda 20, tunda katan ɗin da aka sake liƙewa wani lokaci yakan zo da sha tara.

Tumatir kuwa, a nan zauren ya kira dila. Dila ya duba ya ce ga shi nan a bakin sito da sunanta a jiki. Wannan ya zama na wuri na biyu. Magi kuma ɗan sautun da bakinsa ya ce goma ya ƙirga a shago, amma bai ɗinke buhun ba. Ya zama na wuri na uku, a wuyansa.

Abin da take bin sa ke nan: 16,500 na katan ɗin da ta mayar, da 1,500 na magi, jimla 18,000, sai katan ɗin tumatir da zai zo da shi a tafiya ta gaba ba tare da sabon kuɗin dako ba. Da dila ya musa, da tumatirin ma ya koma kan ɗan sautu, bashin ya zama 27,000, shi kuma ya je ya ƙarata da dilansa.

Yadda ake karɓar hakki

Hanyoyin biya uku ne: a mayar da kuɗi nan take, a cike kayan a zuwa na gaba, ko a bar kuɗin a hannunsa a cire daga sautu mai zuwa. Ta ukun aka fi yi, saboda da wuya ɗan sautu ya dawo da rarar kuɗi a aljihu, kuma shi ma sai ya sayar da katan ɗin da aka mayar masa ga wani mai kanti kafin ya samu. Ba laifi a cikinta in an kiyaye abu biyu.

Na ɗaya, a rubuta a wuri biyu, littafinta da nasa, da kwanan wata, ko a yi saƙon murya guda a faɗi adadin shi kuma ya amsa. Ranar sautu na gaba, layin farko a takarda ya zama wannan bashin. In sabon sautun na 100,000 ne, 82,000 za ta bayar, a rubuta cewa tsohon lissafi ya mutu. Bashin da aka bari ya haɗu da wani, na uku ya hau kansu, ba ya warwaruwa sai da ɓacin rai.

Na biyu, a fayyace ko kuɗi ake bi ko kaya. "Ina bin ka katan ɗin tumatir" da "ina bin ka dubu tara" magana ɗaya ce yau, amma in katan ya koma 10,500 a mako mai zuwa sun zama magana biyu. Abin da aka biya kuɗinsa aka bari a shago, kaya ake bi, domin ya riga ya zama nata. Abin da ba a saya ba, ko aka mayar, kuɗi ake bi.

Lokaci ma yana cikin hakkin. Ƙorafin da aka yi kaya na zaure, ɗan sautu na tsaye, shi ne mai ƙarfi. Wanda aka yi washegari, bayan yara sun shiga sun fita, ya raunana, don ba wanda zai iya rantsuwa a kan inda ledar magi ta tafi. Aibin da ba ya ganuwa sai an buɗe, kamar fulawa mai tsutsa ko man da ya yi ɗaci, yana da uzuri, amma da zarar an gani a daina amfani da shi, a ɗauki hotonsa tare da lambar da ke jikin buhun ko jarkar, a sanar a ranar. Wanda ya cinye rabin buhu sannan ya ce ba shi da kyau ya makara.

Rasit ɗin diloli da yawa yana ɗauke da gargaɗin cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Wannan yana iya hana mutum mayar da lafiyayyen kaya don kawai ya sauya ra'ayi, amma ba ya halatta wa kowa riƙe kuɗin abin da bai bayar ba, ba kuma ya rufe aibin da aka ɓoye. Dokar tarayya ta kare masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya zo da lahani ko ya saɓa wa abin da aka siffanta masa, kuma jihar Kano tana da tata hukumar kare masu sayayya. Sai dai mai abinci a Turawa ba za ta je Kano a kan dubu tara ba. Ƙarfinta yana wurin ɗan sautunta, shi kuma ƙarfinsa a wurin dila shi ne cinikin mutum goma da yake kai masa duk mako.

A manyan birane kamar Legas da Abuja, kamfanoni irin su Chowdeck da Glovo suna wannan aiki ta manhajar waya, kuma matakan neman hakki ba su sauya ba: a duba kaya da jerin abin da aka yi oda, a ɗauki hoto, a kai ƙorafi da wuri, a mayar da kuɗi ko a ajiye su a asusun mai saye don oda ta gaba. Bambancin shi ne a can ba ka san wanda ya kawo ba, a nan kuwa ka san mahaifinsa da gonarsu.

Wannan sanayya tana taimako, tana kuma cutarwa. Kunya takan hana dattijuwa ƙirga kaya a gaban ɗan maƙwabta, ta yi shiru sau ɗaya, sau biyu, ranar na uku ta fashe da maganar da ta fi ƙarfin ledar magi. Ɗan sautun da ya san aikinsa ba ya jiran a nema. Shi yake cewa a kawo fitila, shi yake fara faɗin abin da ya sauya da abin da bai zo ba tun kafin a gano. In magana ta ƙi ƙarewa a zaure, akan kai ta gaban shugaban tasha in direba ne, ko mai unguwa, ko limami, kuma tambayar da za su yi ita ce wadda alƙali ma zai yi: ina takarda, ina rasit, wa ya ga ƙirga? Mai da'awa shi ke kawo shaida, mai musu ya yi rantsuwa. Kaɗan ne ke kaiwa can, domin hukuncin da ɗan sautu ya fi tsoro ba ya buƙatar zama: mutum ɗaya ya janye sautunsa, ya faɗi dalili a majalisa, mako mai zuwa takardun da yake karɓa su ragu daga goma zuwa huɗu, kuɗin motar ma ya daina fita.